Sauya ƙarfin kwanturola bisa jadawali a tanki mai siffar mazurari: wace hanya ta fi dacewa?

Duk wanda ya taɓa saita kwanturolar PI a kan tankin da faɗinsa ke canzawa daga ƙasa zuwa sama ya san wannan damuwa. An saita ta da safe ruwa yana rabin tanki, komai ya zauna lafiya, amma da ruwan ya sauka ƙasa sai famfo ya shiga hawa da sauka babu ƙaƙƙautawa, da ya cika kuma sai kwanturolar ta yi sanyi kamar ba ta nan. Laifin ba na kwanturolar ba ne, tankin ne yake sauya hali gwargwadon inda ruwan ya tsaya. Maganin da aka saba shi ne a riƙa sauya ƙarfin martanin kwanturolar, wato Kc, tare da lokacin tara giɓin da ke tsakanin tsayin da ake so da wanda aka auna, wato Ti, bisa wani abin da ake aunawa wanda yake nuna halin da tankin yake ciki. Wannan shi ake kira jadawalin ƙarfin martani. Sai dai hanyoyin yin sa sun fi ɗaya, kuma akwai lokacin da barin sa gaba ɗaya ya fi alheri. Zan bi hanyoyi biyar a kan tanki guda ɗaya, domin kwatancin ya tsaya a kan lissafi.

Tankin da za mu yi aiki da shi

Tankin mazurari ne, tsininsa a ƙasa, tsayinsa mita 2, rabin faɗin bakinsa mita 1. Famfo mai inbata yana zuba masa ruwa har lita 10 a sakan, saboda haka kowane kashi 1 na umarnin famfo yana daidai da lita 0.1 a sakan. Ruwa yana fita ta ƙasa da nauyinsa, lita 5 a sakan idan tsayin ruwan mita 1 ne. Tsakanin ba da umarni da ganin tasirinsa a na'urar awo akwai jinkirin sakan 10, wanda ya haɗa tashin famfo da tsawon bututu da tace awo.

```
A(h) = π·h²/4
A(h)·dh/dt = q − k·√h        k = 0.005
K = 2·√h / k                 τ = A·K
```

A nan h tsayin ruwa ne, A faɗin fuskarsa, q kuma ruwan da famfo yake zubawa a m³ a sakan. K, idan aka ninka shi da 0.0001, wato lita 0.1 a m³, yana nuna yawan tashin da ruwa zai yi a ƙarshe idan aka ƙara wa famfo kashi 1, τ kuwa yana nuna tsawon lokacin da zai ɗauka. Na fitar da Kc da Ti da ƙa'idar SIMC ta Sigurd Skogestad, na zaɓi saurin martani na sakan 30, wanda idan aka haɗa shi da jinkirin ya zama sakan 40.

| Tsayin ruwa | Faɗin fuskar ruwa | K | τ | Kc | Ti |
|---|---|---|---|---|---|
| 0.5 m | 0.196 m² | 2.8 cm/% | 55 s | 49 %/m | 55 s |
| 1.0 m | 0.785 m² | 4.0 cm/% | 314 s | 196 %/m | 160 s |
| 1.5 m | 1.767 m² | 4.9 cm/% | 866 s | 442 %/m | 160 s |

Abin lura a wannan tebur shi ne K bai ko ninka biyu ba daga ƙasa zuwa sama, amma Kc ɗin da ya dace ya ninka tara. Mutane da yawa suna duba K kaɗai, su ga bambancin ba shi da yawa, su yanke cewa jadawali ba shi da amfani, alhali abin da kwanturola take ji a cikin sakan arba'in na farko shi ne saurin tashin ruwa, wato K a raba da τ, wanda ba komai ba ne illa ɗaya bisa faɗin fuskar ruwa. Faɗin nan shi ne abin da ake bi.

Ga abin da ke faruwa idan aka ɗauki saitin wani wuri aka kai shi wani. Saitin mita 1.5 a tsayin mita 0.5 ya wuce iyaka, domin a can Kc ɗin da ya haura kimanin 320 yana jefa tankin cikin lilo, kuma za a ga ruwan yana kai-komo duk sakan 38 ko kusa da haka, famfo yana bugun sama da ƙasa. Saitin mita 0.5 a tsayin mita 1.5 shi ma yana haifar da lilo, amma mai nawa, zagaye ɗaya yana cin kimanin minti 15 kafin ya lafa a hankali. Wannan na biyun shi ne yake ruɗin ma'aikata, saboda da sun ga lilo sai su rage Kc, lamarin kuma ya ƙara lalacewa, tun da asalin matsalar ita ce Kc ya yi kaɗan a kan Ti. Tsawon zagayen ne yake rarrabe su: idan ya kusa ninki huɗu na jinkirin, ƙarfin ne ya yi yawa, idan kuwa ya kai mintuna da dama, ƙarfin ne ya gaza.

Ma'aunan zaɓi

Ma'auni na farko shi ne yawan bambancin da tankin yake nunawa a iyakar inda ake aiki da shi da gaske, idan aka gwama shi da rarar da kwanturolar take da ita kafin ta fara lilo. Saitin da ke teburin nan yana da rarar kusan ninki shida, bambancin tankin kuwa ninki tara ne, shi ya sa saiti ɗaya ya karye. Da a ce ruwan ba ya fita daga tsakanin mita 1.2 da 1.6, da bambancin bai kai ninki biyu ba, maganar kuma ta ƙare a nan. Na biyu shi ne kuɗi, kuma a wannan aiki kuɗin ba na ƙarfe ba ne, tun da famfo da na'urar awo da PLC, wato kwamfutar sarrafa injuna, duk suna nan. Abin da ake biya shi ne lokacin injiniya da sa'o'in gwaji, domin gwajin da za a jira ruwa ya zauna a mita 1.5 yana cin kusan awa ɗaya, na mita 0.5 kuwa minti huɗu. Na uku shi ne ɗorewa, wato ko saitin zai ci gaba da aiki bayan laka ta taru, an canza famfo, ko wani ya murɗa bawul ɗin fita. Na huɗu shi ne sauƙin kulawa ga ma'aikacin da zai gaji aikin bayan wanda ya tsara shi ya tafi. Na ƙarshe shi ne haɗari, wato irin ɓarnar da hanyar take yi a ranar da ta gaza.

Hanya ta ɗaya: saiti guda ga dukan tanki

A nan ana zaɓar Kc ɗin da ba zai yi lilo a wuri mafi ƙunci ba, sannan a tsawaita Ti yadda ba zai yi lilo mai nawa a wuri mafi faɗi ba. A tankinmu Kc na 100 da Ti na sakan 300 sun cika sharuɗɗan biyu: a mita 0.5 akwai rarar ninki uku, a mita 1.5 kuma ruwan yana zaunawa ba tare da kai-komo mai yawa ba. Abin da aka sadaukar shi ne sauri. Idan aka ƙara jan ruwa da lita 1 a sakan lokacin da tankin yake mita 1.5, ruwan zai sauka da kusan santimita 6, ya ɗauki kimanin minti 20 kafin ya dawo, alhali saitin da ya dace da wurin zai bar shi ya sauka da kusan santimita 2 kawai, ya dawo cikin minti 7.

Ta fuskar kuɗi babu wadda ta kai ta arha, gwaji biyu sun isa, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Tana ɗorewa, kowane ma'aikaci yana gane ta, kuma haɗarinta sananne ne: idan ruwa ya sauka ƙasa da inda aka yi lissafi, misali mita 0.3, faɗin fuskar ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku na na mita 0.5, rarar kuma ta kusa ƙarewa. Ina ganin ana raina wannan hanya fiye da yadda ta cancanta. Tankin da aikinsa shi ne ya shanye sauyin kwararar ruwa tsakanin sashe biyu na masana'anta ba ya buƙatar a riƙe tsayinsa daidai da santimita, hasali ma kwanturola mai sanyi ta fi yi masa amfani, domin ba ta girgiza famfo.

Hanya ta biyu: a raba tankin shiyya-shiyya

Ana raba tsayin gida uku, ƙasa da mita 0.75, daga nan zuwa 1.25, sai sama da haka, kowace shiyya da nata Kc da Ti daga teburin da ya gabata. Kwanturoloci da dama da ake sayarwa a kasuwa suna zuwa da gurbin ajiye saiti fiye da ɗaya, don haka ba sai an rubuta lissafi ba. Gwaji uku ake yi, ma'aikaci kuma yana iya duba allo ya ga shiyyar da ake ciki, ya gyara ɗaya ba tare da ya taɓa sauran ba. Wannan sauƙi ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalarta tana kan iyakoki. A mita 0.75 Kc ɗin da ya dace 110 ne, amma da ruwan ya ƙetare layin sai a ba shi 196, kusan ninki biyu, idan kuma yana ƙasa da layin kaɗan a ba shi 49, ƙasa da rabi. Tankin yana jure wannan saboda rarar da muka bari, amma tsallen da ake yi a daidai lokacin sauyin shi ne abin tsoro, kuma girmansa ya danganta da yadda aka rubuta kwanturolar a ciki. Idan Kc yana ninka giɓin yanzu ne kaɗai, kuma giɓin santimita 5 ne, to sauyi daga 49 zuwa 196 zai sa umarnin famfo ya yi tsalle da kashi 7 da ɗoriya. Idan kuwa an rubuta ta yadda Kc yake ninka har da abin da aka tara, to lamarin ya fi haka muni, domin a mita 0.75 famfo yana aiki da kusan kashi 43, dukansa kuma a cikin abin da aka tara yake; ninka shi huɗu zai tura famfon ƙarshen ƙarfinsa nan take, ko da giɓin sifili ne. Alamar wannan ita ce a ga famfo ya zabura kullum a tsayi ɗaya, ba tare da wani ya taɓa komai ba. Kafin a zaɓi wannan hanya dole a tabbatar cewa kwanturolar tana gyara abin da ta tara a lokacin sauyi domin umarnin ya ci gaba daga inda yake.

Akwai kuma zancen rawar awo. Ruwan da ke zubowa yana kaɗa fuskar tanki, idan kuma tsayin da ake so ya faɗo kusa da iyaka, kwanturolar za ta riƙa tsallaka layin gaba da baya. Maganinsa shi ne a bambanta wurin shiga da wurin fita, a hau shiyya ta biyu a mita 0.80, kada a sauko sai a mita 0.70, kuma tun farko a guji sa iyaka a inda aka fi yawan ajiye ruwan.

Hanya ta uku: ƙarfi mai sauyawa a hankali, ta tebur ko ta lissafi

Maimakon tsalle, sai Kc ya riƙa bin tsayin ruwa sannu a hankali. Idan ba a san siffar tankin da lissafi ba, ana ajiye wuraren da aka gwada a tebur, a ja miƙaƙƙen layi tsakaninsu. Da wurare ukun nan, a mita 0.75 layin zai ba da kimanin 122 a maimakon 110, kuskuren kashi 11 cikin 100 wanda ba ya cutar da komai. Da wurare biyu kaɗai, 0.5 da 1.5, zai ba da 147 a wannan tsayi, wato ƙarin kashi ɗaya cikin uku, wanda har yanzu ya fi abin da hanyar shiyya ta bayar kusa da daidai. Saboda haka ba yawan wurare ake buƙata ba, a dai matso da su kusa da juna a inda faɗin yake saurin canzawa. Tankin da ke kwance, irin na gidajen mai, ya fi faɗi a tsakiya, ya tsuke sama da ƙasa, don haka nasa teburin yana son wurare da yawa a gefunan biyu, kaɗan a tsakiya, kuma takardar awon da ke nuna lita nawa ke cikin kowane santimita ta riga ta ba da faɗin a kowane tsayi.

A mazurari ma ba a buƙatar tebur, tun da Kc ninki 250 ne na faɗin fuskar ruwa:

```
hf = clamp(filter(h), 0.4, 1.8)
Kc = 196 * hf^2
Ti = min(314 * hf^2.5, 160)
du = Kc * ((e - e_old) + dt / Ti * e)
u  = clamp(u + du, 0, 100)
```

Layuka biyu na ƙarshe su ne suka fi muhimmanci, inda e giɓin yanzu ne, e_old na zagayen da ya wuce, u kuma umarnin famfo. Ana lissafa ƙarin da za a yi wa umarnin ne, a ɗora shi a kan na baya, saboda haka duk yadda Kc ya sauya, idan giɓin sifili ne famfo ba ya motsi, kuma ƙayyade u tsakanin 0 da 100 yana hana tarin ya kumbura lokacin da famfo ya ƙure. Layin farko kuma yana yin aiki biyu: yana tace awon, domin a mita 0.5 rawar santimita 2 tana kaɗa Kc da kashi 8 cikin 100, sannan yana hana lissafin fita daga inda aka gwada shi. Ba tare da wannan iyaka ba, idan tankin ya ƙare Kc da Ti za su zama sifili, rabawa da Ti ta lalata lissafin, kwanturolar ta mutu a daidai lokacin da ake buƙatar ta cika tankin.

Kuɗinta bai fi na hanyar shiyya da yawa ba, rabin yini na rubutu da gwaji biyu ko uku don tabbatarwa, sai dai tana buƙatar PLC ko kwanturolar da take yarda a rubuta mata Kc daga waje a kowane zagaye. Tana ɗorewa ƙwarai, saboda ta dogara ne da siffar tanki, wadda ba ta canzawa sai idan laka ta cike tsinin. Murɗa bawul ɗin fita yana taɓa Ti a ƙasan tanki ne kawai, ba ya taɓa Kc. Rauninta shi ne na dukan jadawali. An fitar da kowane saiti ne bisa zaton cewa ruwan yana zaune kusa da wuri ɗaya, don haka kyawun kowane wuri shi kaɗai ba ya tabbatar da kyawun tafiya daga wuri zuwa wuri cikin sauri. Jeff Shamma da Michael Athans sun yi nazarin wannan a 1990, suka ba da hujjar lissafi ga ƙa'idoji biyu da injiniyoyi suka daɗe suna bi: abin da ake bin jadawali da shi ya kasance yana nuna ainihin abin da ke sauya halin na'urar, kuma ya kasance yana canzawa a hankali idan aka gwama da saurin kwanturolar. A saman tankinmu sharaɗi na biyu ya cika. A ƙasa kuwa da ƙyar, domin rarar lita 3 a sakan a tsayin mita 0.5 tana ɗaga ruwan santimita ɗaya da rabi a kowane sakan, wato cikin jinkirin sakan 10 kaɗai Kc ɗin da ya dace ya ƙaru da fiye da rabi. Shi ya sa gwajin ƙarshe ya kamata ya zama na babban sauyi, daga ƙasa zuwa sama da dawowa.

Hanya ta huɗu: a sarrafa yawan ruwa maimakon tsayinsa

Wannan dabara tana kauce wa jadawali ta hanyar canza abin da ake sarrafawa. Yawan ruwan da ke cikin mazurarin `V = π·h³/12` ne, wato lita 33 a mita 0.5, lita 262 a mita 1, lita 884 a mita 1.5. Yawan ruwa yana ƙaruwa ne da abin da ya shiga a debe abin da ya fita, ko'ina ruwan yake, saboda haka idan aka mayar da awon da tsayin da ake so zuwa lita, kwanturola mai saiti ɗaya ta wadatar, Kc na kashi 250 a kowace lita 1000. Idan giɓin ƙarami ne, sakamakonta kusan ɗaya da hanya ta uku. Bambancin yana fitowa a babban giɓi: ruwa yana mita 0.5 ana son 1.5, hanya ta uku tana ƙara wa famfo kashi 49 da farko saboda tana duba ƙuncin wurin da ake, wannan kuwa ta san cewa lita 851 ake nema, sai ta buɗe famfon gaba ɗaya.

Wasu suna ƙara mata mataki, su lissafa ruwan da ke fita, `k·√h`, su ƙara shi kai tsaye a kan umarnin famfo domin tankin ya zama kamar ba ya zubar da komai. A takarda abin yana da kyau, amma a nan haɗarin yake. Idan wani ya rufe bawul ɗin fita, lissafin bai sani ba, zai ci gaba da ƙara ruwa duk lokacin da tsayi ya ƙaru, kuma a mita 0.5 wannan turi na kuskure yana cinye kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da kwanturolar take ja da baya da shi. Wanda yake son wannan ƙari, gara ya lissafa shi da tsayin da ake so maimakon tsayin da aka auna, ko ya sa mitar kwarara a bututun fita, wadda kuma ƙarin kuɗi ce. Ta fuskar kulawa, ma'aikacin da ya saba ganin mita a allo zai iya ruɗewa da kwanturolar da giɓinta yake cikin lita, sai an yi masa bayani an kuma rubuta.

Hanya ta biyar: kwanturola mai saita kanta

Wannan tana kimanta halin tankin daga awon da take gani, ta gyara Kc da kanta. Ga tanki mai sananniyar siffa ban ga dalilinta ba, domin ana biyan kuɗi mai yawa ne don ta gano abin da awon tef zai faɗa cikin minti goma. Kimantawar tana buƙatar motsi, idan kuma ruwa ya daɗe a zaune babu abin koyo sai rawar awo, sai ƙiyasin ya zame a hankali har ya haifar da lilo kwatsam. Haka kuma kullum tana bayan tankin, sai ya sauya kafin ta lura, alhali jadawali yana sauyawa tare da shi. Inda take da amfani shi ne inda abin da ke sauya halin na'urar ba ya aunuwa, kamar kaurin ruwan da ke canzawa daga kaya zuwa kaya.

Tarihin jiragen sama ya nuna wannan zaɓi a fili. Ƙarfin da fiffiken juyawa yake samarwa yana bin matsin iskar tafiya, `½·ρ·V²`, wanda kusa da ƙasa yake tashi daga kimanin kilopaskal 3 a gudun mita 70 a sakan zuwa kusan 14 a gudun mita 150. Wannan ya yi daidai da ɗaya bisa faɗin fuskar ruwa a tankinmu, shi ya sa ake rage ƙarfin kwanturolar jirgi gwargwadon ƙaruwar matsin, a haɗa da tsayin tashi da lambar Mak, wato gudun jirgi a raba da gudun sauti. An gwada kwanturola mai saita kanta, MH-96 ta kamfanin Honeywell, a jirgin gwaji na X-15 na uku, wanda ya tarwatse ranar 15 ga Nuwamba 1967 matuƙinsa Michael Adams ya rasu, kuma lilon da kwanturolar ta shiga da ƙarfi mai yawa lokacin dawowa cikin iska yana cikin abubuwan da bincike ya lissafa. Masana'antar ta ci gaba da dogara da jadawali, musamman saboda ana iya bin tebur wuri-wuri a tabbatar da shi kafin jirgi ya tashi. Sai dai jirgi yana da wani haɗari da tankinmu ba shi da shi: abin da yake bin jadawali da shi daga wata na'urar awo dabam yake zuwa, bututun auna gudun iska, wanda ƙanƙara kan toshe. Duk wanda zai bi jadawali da awo na biyu, ko a tanki ne, dole ya tanadi saitin da za a koma idan awon nan ya lalace, kuma hanya ta ɗaya ita ce wannan saiti.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin kulawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Saiti guda | Gwaji biyu | Mai kyau | Mafi sauƙi | Nawa a sama, lilo a can ƙasa |
| Shiyyoyi | Gwaji uku | Mai kyau | Mai sauƙi | Tsalle a kan iyaka |
| Tebur ko lissafi | Rubutu kaɗan da gwaji | Mai kyau ƙwarai | Matsakaici | Saurin sauyi, rawar awo |
| Yawan ruwa | Kamar na uku | Mai kyau idan ba a sa k ba | Yana son bayani | Kuskuren k |
| Mai saita kanta | Mafi tsada | Tana son sa ido | Mai wuya | Zamewar ƙiyasi |

Wace ta dace da wa

Wanda tankinsa na ajiya ne, ko ruwansa ba ya fita daga yankin da faɗin bai ninka biyu ba, ya tsaya a saiti guda, ya sa ƙararrawa a tsayin da rarar take ƙarewa. Wanda yake aiki a tsayi biyu ko uku sanannu, yana daɗewa a kowanne, kuma abin da yake da shi ƙaramar kwanturola ce ta jikin allo, shiyyoyi sun ishe shi, muddin ya gwada ƙetare iyaka da idonsa ya ga famfo bai zabura ba. Wanda yake da PLC, ruwansa yana yawo a dukan tankin, kuma santimita biyu ko uku suna da tasiri a kan abin da yake sarrafawa, hanya ta uku ita ce zaɓina a gare shi, da lissafi idan siffar sananniya ce, da tebur idan tankin kwance yake ko an ƙera shi ba bisa ƙa'ida ba. Wanda aikinsa cikawa da zubarwa ne, kaya bayan kaya, inda manyan sauye-sauye su ne aikin yau da kullum kuma lita ake ƙirgawa tun asali, ya sarrafa yawan ruwa, ya bar ƙarin `k·√h` sai idan yana auna abin da ke fita. Mai saita kanta kuwa sai ga wanda ya bincika ya rasa wani awo da ke nuna sauyin, kuma yana da injiniyan da zai riƙa duba ƙiyasinta, tare da iyakar sama da ta ƙasa da aka ɗaure Kc da su.